Yadda ɗan kwangila zai kare kansa idan ambaliya ko yajin aiki ya hana shi kai kaya

Wanda ya ɗauki alkawarin kai kaya a rana kaza, sannan ruwa ya cinye hanya ko direbobi suka ajiye makullai, yana da ƙofofi biyu a dokar Nijeriya. Ta farko ita ce sharaɗin da ake rubutawa a cikin takardar kwangila, wanda lauyoyi ke kira fos majo, wato uzurin abin da ya fi ƙarfin mutum. Ta biyu ita ce rushewar kwangila, hukuncin da kotu ke yankewa cewa abin da ya faru ya sa cika alkawarin ya gagara ɗungurum, ko ya mayar da shi wani abu dabam da wanda aka ƙulla tun farko. Ta farko ba ta samuwa sai idan an rubuta ta, kuma yawanci jinkiri take bayarwa. Ta biyu ba ta buƙatar rubutu, amma ƙunci gare ta ƙwarai, kuma idan ta tabbata kwangilar mutuwa take yi nan take, ko ɓangarorin suna so ko ba sa so.

Domin kada bayanin ya tsaya a iska, mu ƙaddara wani ɗan kasuwa a Sakkwato ya ƙulla da wani kamfanin casar shinkafa cewa zai kai masa shanshera buhu 600, kowane buhu a kan naira 40,000, jimilla naira miliyan 24, kuma ya karɓi rabin kuɗin, miliyan 12, a matsayin kafin alƙalami. Ya kai buhu 200 a watan Agusta, saura 400 da ya kamata su isa kamfanin kafin 20 ga Satumba, suna jibge a wani sito a yankin Wurno. Ranar 5 ga Satumba Gulbin Rima ya yi ambaliya, ruwa ya shiga siton ya jiƙa buhu 250, sauran 150 da ke saman tari suka tsira, amma hanyar da mota za ta bi ta ɗauko su ta yanke. A cikin makon nan kuma farashin buhu a kasuwa ya tashi zuwa naira 46,000. Alƙaluman na misali ne, amma yanayin ba baƙo ba ne ga wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta shafi Goronyo da Wurno da Kware, har ta katse hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Mataki na farko: a karanta takardar kafin a ɗaga waya

Yawancin mutane kiran mai kamfani suke fara yi, su ce "Alhaji, ai ka ji abin da Allah Ya yi," sannan a cikin zancen su furta cewa kwangilar ta tashi. Wannan kalma tana da haɗari, domin idan daga baya kotu ta ga uzurin bai kai ga rushewa ba, furucin da kansa ya zama shaidar cewa ɗan kwangilar ya yi watsi da alkawari, kuma ɗaya ɓangaren yana da damar soke kwangilar ya nemi diyya. Jajantawa da sanarwa ba laifi ba ne, amma kada a yanke hukunci da baki kafin a duba abin da aka sa wa hannu.

A cikin takardar abu huɗu ake nema. Shin akwai sharaɗin uzuri, kuma ya ambaci ambaliya ko yajin aiki da suna? Kotuna suna tsuke fassarar irin wannan sharaɗi, har idan ya jero yaƙi da gobara da annoba ya rufe da "da makamantansu," sai an yi jayayya a kan ko ambaliya ta shiga makamantan. Sannan a duba kalmar da aka yi amfani da ita a kan tasirin abin, domin sharaɗin da ya ce uzurin ya "hana" kai kaya ya fi tsanani a kan wanda ya ce ya "kawo cikas" ko "jinkiri." A ƙarƙashin kalmar "hana" sai an nuna cewa babu wata hanya sam. Na uku shi ne wa'adin sanarwa da yadda za a aika ta, wanda a kwangiloli da yawa ba ya wuce 'yan kwanaki. Na huɗu shi ne sakamakon, wato ko ƙarin lokaci kawai ake samu, da kuma tsawon kwanakin da uzurin zai kai kafin kowane ɓangare ya iya janyewa.

Mataki na biyu: wace shinkafa aka sayar?

A nan shari'ar ɗan kasuwarmu za ta tsaya ko ta faɗi, kuma a nan ne mutane suka fi rashin lura. Idan takardar ta ce "shanshera buhu 600 mai kyau" ta yi shiru, to alkawarin bai rataya a kan kayan da ke siton Wurno ba, ya rataya ne a wuyan ɗan kasuwar. Shanshera ba ta ƙare a duniya ba don sitonsa ya jiƙe. Tana nan a wasu kasuwannin jihar da na Kebbi, kuma doka za ta ce masa ya je ya sayo ya cika. Tsadar da ta yi ba uzuri ba ce. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nanata wannan a shari'ar Nwaolisah da Nwabufoh a 2011, inda ta bayyana cewa kwangila ba ta rushewa don kawai cika ta ya ƙara wuya ko tsada fiye da yadda aka zata, haka kuma mutum ba zai fake da matsalar da shi ya jawo ta ba.

Sanannen misali a kan hanyar da ta toshe ya shafi gyaɗa ne. A 1956 wani kamfani mai suna Tsakiroglou ya yi alkawarin sayar da gyaɗar Sudan da za a kai Hambag ta ƙasar Jamus, sai aka rufe mashigin Suwez a watan Nuwamba na shekarar. Kamfanin ya ƙi ɗora kayan, yana cewa kwangilar ta rushe. A 1961 kotun ƙoli ta Ingila ta ce a'a, tunda jirgi zai iya zagayawa ta kudancin Afirka, ko da kuɗin dako ya ninka, kuma gyaɗa ba za ta lalace a tafiyar ba. Kotunan Nijeriya suna ɗaukar irin waɗannan hukunce-hukunce da muhimmanci, saboda dokar kwangilarmu daga can aka gado ta. Ma'anarsa ga mai kaya a Wurno ita ce, idan akwai wata hanya ta zagaye da mota za ta iya bi, ko za a iya fito da buhunan da kwalekwale zuwa tudu ba tare da an jefa rai ko kaya cikin haɗari ba, ƙarin kuɗin mota shi kaɗai ba zai wanke shi ba.

Idan kuwa takardar ta ayyana kayan, ta ce "buhu 400 da ke ajiye a sito kaza a Wurno, waɗanda wakilin kamfani ya duba," lissafi ya canza. Sashe na 7 na Dokar Cinikin Kaya ta 1893, wadda Nijeriya ta gada daga Ingila, ya ce idan aka yi alkawarin sayar da keɓaɓɓen kaya, sannan kayan suka halaka ba da laifin kowa ba kafin alhakin asara ya koma kan mai saye, to alkawarin ya warware. Haka abin yake ga amfanin gona da aka ɗaure da wata gona takamaimai. A shari'ar Howell da Coupland ta 1876 a Ingila, wani manomi ya yi alkawarin tan 200 na dankali daga gonarsa, cuta ta faɗa wa shukar ya samu kimanin tan 80 kacal, kotu ta sauke masa nauyin sauran. Abin lura shi ne manomin ya miƙa abin da ya samu, bai riƙe shi ya kai kasuwa don farashi ya tashi ba. Ɗan kasuwarmu ma, ko da uzurinsa ya karɓu a kan buhu 250, abin da ya dace shi ne ya yi wa kamfanin tayin buhu 150 da suka tsira a kan farashin kwangila. Wanda ya karkatar da su kasuwa don cin ribar naira 6,000 a kowane buhu ya raunana uzurinsa da hannunsa.

Akwai kuma tambayar ko kayan sun riga sun zama na mai saye kafin ruwan ya zo, domin a ƙa'ida asara tana bin mai mallaka. Idan cinikin ya kammala a bakin sito kuma kamfanin ne ya yi jinkirin turo mota, asarar tasa ce. Amma idan sai an kai an ɗora a sikeli kafin a tantance kuɗin, kamar yadda aka saba da shanshera, to kayan suna wuyan mai sayarwa har zuwa ranar awo.

Mataki na uku: sanarwa a rubuce, cikin wa'adi

A aika ta hanyar da takardar ta faɗa. Idan ta ce wasiƙa zuwa ofishin kamfani, saƙon waya bai wadatar ba, sai dai ya zama ƙari. A kai wasiƙar hannu da hannu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafin da za a dawo da shi. Ko da babu sharaɗin uzuri a kwangilar, a rubuta, saboda sanarwar gaggawa tana ba ɗaya ɓangaren damar neman kaya a wani wuri, wanda hakan ke rage diyyar da zai iya nema. Ga irin abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, bisa sakin layi na 9 na yarjejeniyarmu, ina sanar da kai cewa ambaliyar ranar 5 ga Satumba ta shiga sitonmu da ke yankin Wurno, ta lalata buhu 250, kuma ta yanke hanyar ɗauko sauran 150. Muna neman hanyar fito da su, kuma za mu sake rubuto maka halin da ake ciki nan da kwana bakwai. Muna gayyatar wakilinka ya zo ya gani da idonsa. Wannan sanarwa ba janyewa daga yarjejeniyar ba ce."

Jimlar ƙarshe ita ce mafi amfani a wasiƙar. Kada kuma a ƙara gishiri a adadin asara, domin buhu goma da aka ƙara na iya sa alƙali ya daina yarda da sauran bayanin duka.

Mataki na huɗu: tara shaida tun ruwa bai janye ba

Nauyin tabbatar da uzuri yana kan wanda ya kawo shi, kuma shari'a tana iya zuwa bayan shekara ko fiye, lokacin da fadama ta bushe har an shuka albasa a inda ruwan ya kwanta. A ɗauki hoto da bidiyo na siton da alamar da ruwa ya bari a jikin bango, da buhunan da suka fara tsiro ko baƙi, da wurin da hanya ta yanke. A riƙe wayar da aka ɗauka da ita, kada a goge komai, saboda sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman bayanin na'urar da ta samar da irin wannan shaida kafin kotu ta karɓe ta. A nemi takarda daga hakimi ko mai unguwa, da duk wani rahoto na hukumar agajin gaggawa ta jiha ko ta tarayya da ya ambaci yankin. A adana rasiɗan sayen shinkafar da littafin sito, domin su ne za su nuna cewa kayan suna nan a shirye kafin ruwan. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, saboda lauyan kamfani zai yi ƙoƙarin nuna cewa ɗan kwangilar dama bai tara kayan ba, ya ci kuɗin kafin alƙalami ne, ambaliyar ta zo masa a kan gaɓa.

Tambaya ta biyu da lauyan zai yi ta fi zafi: me ya sa aka bar shinkafa a sito na bakin fadama har cikin Satumba? Hukumar kula da albarkatun ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina ta kankama, hukumar kula da yanayi, NiMet, ita ma tana fitar da hasashen ruwan sama, kuma kowa a yankin ya san cewa ƙarshen Agusta zuwa Satumba ne lokacin da madatsar Goronyo ke cika. Idan an yi gargaɗi a rediyo kwanaki kafin ruwan, maƙwabta suka kwashe nasu, shi ya bar nasa, to asarar ta haɗu da sakaci, kuma duka ƙofofin biyu suna rufewa ga mai sakaci. A ganina wannan ne ya sa ambaliya a yankin Rima ta fi wuyar zama hujjar rushewar kwangila fiye da yadda 'yan kasuwa ke zato, domin abin da aka saba gani duk 'yan shekaru ana ɗauka cewa mai hankali ya lissafa da shi lokacin da yake sa hannu. Sai ambaliyar da ta wuce misali, wadda ta kai inda ruwa bai saba kaiwa ba, ita ce ke da ƙarfin hujja.

Idan yajin aiki ne

Ƙa'idar ɗaya ce, sai dai yajin aiki ba ya halaka kaya, lokaci yake ci, shi ya sa da wuya ya rusa kwangila. Yajin aikin gama-gari na janye tallafin mai a Janairun 2012 kimanin mako guda ya yi, wanda ƙungiyoyin ƙwadago suka fara ranar 3 ga Yunin 2024 kuwa an dakatar da shi washegari. Jinkirin irin wannan tsawo ba ya mayar da kwangilar shinkafa wani abu dabam, sai dai idan kayan masu saurin lalacewa ne kamar tumatir, ko ranar kai kayan ita ce ginshiƙin cinikin, kamar ragunan layya da aka yi alkawari kafin Babbar Sallah. Don haka mafakar gaskiya a nan ita ce rubutaccen sharaɗi. A duba ko ya bambanta yajin aikin ƙasa baki ɗaya da na ma'aikatan ɗan kwangilar kansa, domin idan direbobinsa ne suka tsaya saboda bai biya su ba, wannan matsala ce da ke hannunsa. Idan kuma direbobin tanka ne suka yi yaji, man gas ya yi tsada amma ana samu, an koma maganar tsada, wadda ba uzuri ba ce.

Mataki na biyar: lissafin kuɗi

A ɗauka cewa takardar ba ta ayyana kayan ba, kuma babu sharaɗin uzuri. Idan ɗan kasuwar ya sayo buhu 250 a kasuwa ya cika, zai kashe naira miliyan 11.5 a kan kayan da kamfani zai biya shi miliyan 10, giɓin naira miliyan 1.5 ke nan, ban da asarar abin da ya jiƙe. Idan ya zauna bai kai komai ba, awon diyya a doka shi ne bambancin farashin kwangila da na kasuwa a ranar da ya kamata a kai kayan, wato naira 6,000 sau buhu 400, miliyan 2.4, sannan ya mayar da miliyan 4 da suka rage daga kafin alƙalami bayan an cire miliyan 8 na buhu 200 da ya kai. Idan aka haɗa da kuɗin lauya da zubewar mutunci a kasuwa, cikawa ta fi araha.

Idan kuwa kayan ayyanannu ne kuma uzurin ya tabbata, zai kai buhu 150 da zarar hanya ta buɗe, jimillar abin da ya kai ya zama buhu 350, kuɗinsu miliyan 14, kamfani ya cika masa miliyan 2, babu diyya a kan sauran 250. Idan kamfanin ya ce ba ya son ragowar, sai ɗan kasuwar ya mayar da miliyan 4. Uzuri yana sauke nauyin kai kaya ne, ba ya halasta riƙe kuɗin da ba a ba da komai a madadinsa ba.

Da yawa daga cinikin hatsi a Sakkwato ba ya zuwa babbar kotun jiha, yana ƙarewa ne a gaban shugabannin kasuwa ko kotun shari'ar Musulunci, kuma fiƙihun Malikiyya bai yi nisa da wannan rarrabewa ba. A cinikin salam, inda ake biya kafin a karɓi kaya, hatsin bashi ne a wuyan mai sayarwa, ba a ɗaure shi da gona ɗaya, don haka lalacewar gonarsa ba ta sauke shi. Hukuncin ja'iha, wanda ke rage wa mai saye kuɗi idan bala'i ya cinye sulusi ko fiye, ya shafi 'ya'yan itacen da aka saya a kan bishiya ne, bai shafi busasshen hatsin da ke sito ba.

Duk sulhun da aka cimma, ko ƙarin kwanaki ne ko rage adadin buhuna ko raba giɓin farashi, a rubuta shi a takarda ɗaya mai kwanan wata, ɓangarorin biyu su sa hannu tare da shaidu, a kuma faɗa a fili cewa kamfanin ya yafe neman diyyar jinkirin da ya gabata. "Ba komai, Allah Ya kiyaye gaba" da manaja ya faɗa a waya tana iya ɓacewa ranar da aka canza manajan.

A kwangila ta gaba

Wanda zai kai kaya tsakanin Agusta da Oktoba ya nemi a rubuta ambaliya da yankewar hanya ko gada da yajin aikin ƙungiyoyin sufuri da sunayensu, a yi amfani da kalmar "hana ko jinkirta," a kuma ambaci inda kayan za su fito, ko sito ne ko gona ko ƙaramar hukuma. A sa wa'adin sanarwa da mutumin da ruwa ya tare zai iya cikawa, kamar kwana bakwai, tare da amincewa da saƙon waya a matsayin sanarwar farko. A ƙayyade cewa idan uzurin ya wuce kwana talatin kowane ɓangare na iya janyewa daga abin da ya rage, kuma ragowar kafin alƙalami za a mayar da ita cikin kwanaki kaza bisa farashin buhu da ke takardar. Mai saye shi ma yana da abin da zai nema a madadin haka, wato sharaɗin cewa a ajiye kayan a sito na kan tudu, a ba wakilinsa damar dubawa, kuma idan abin da ya tsira bai ishi duk masu jiran kaya ba, a raba shi gwargwadon abin da kowa ya saya.